Nasiha Ga Matasan 'Yan Atamfa Kan Shirin Cinikin Sallah

Ya ku matasa da kuka shiga sana'ar atamfa da shadda da yadi, daga masu rumfa a Langabu, a bakin babban titin da ya taso daga Lome ya miƙe Arewa, har zuwa 'yan'uwanku na zangon Sokode da na Dapango, ina so ku fahimci wani al'amari wanda dattawan wannan sana'a suka sani da aiki, ko da yake ba kasafai suke zama su bayyana shi da baki ba. Al'amarin kuwa shi ne, Sallar mai sayar da yadi ba ta jiran ganin wata, domin tana ƙarewa ne a ranar da telan unguwa ya dubi tarin ɗinkin da ke gabansa ya ce ya rufe karɓa. Mace ba ta sayen turmi don ta ajiye shi a adaka ranar Idi, magidanci kuma ba ya yankan shadda don ya rataya ta a kafaɗa ya tafi masallaci, duka ɗinki suke nufi. Saboda haka duk wani rangwame da za ku yi, da duk wata sanarwa da za ku aika, da ranar da za ku hau mota zuwa saro kaya, wajibi ne a lissafa su da baya da baya daga ranar rufewar tela, wadda a galibin garuruwa takan faɗo tsakanin sha biyar da ashirin ga watan azumi, a wurin gwanayen teloli masu aikin surfani kuwa har ta riga haka.

To, tun da haka ne, farkon aikinku yana cikin watan Rajab, kuma a shagon tela ake fara shi. Ku je wurin teloli uku ko huɗu waɗanda masu sayenku suka saba kai wa ɗinki, ku zauna da su cikin ladabi, ku tambaye su ranar da suka daina karɓar aiki bara, da irin yadin da aka fi kawo musu, da wanda ya ba su wahala a keke, da wanda aka dawo ana ƙorafi don ya zuba a wankin farko ko ya tsuke. Tela yana ganin kayan kasuwa gaba ɗaya suna bi ta hannunsa, naku da na abokan hamayyarku da wanda aka aiko daga Lome ko daga Kumasi, don haka abin da zai gaya muku a zama ɗaya ya fi abin da za ku tsinta a mako guda kuna zagaya rumfuna. Idan kun dawo, sai ku sauke duk abin da ke kan kanta, ku raba shi kashi biyu, wanda ke tafiya da wanda ya yi kwantai. Kwantai shi ne turmin da ya ga Sallah biyu bai fita ba, ko wanda rana ta ci bakin ninkinsa har aka ga layi fari idan an warware. Wannan kashi shi ne kaɗai ya cancanci babban rangwame, kuma lokacinsa ƙarshen Rajab da farkon Sha'aban, tun kafin sabon kaya ya iso ya ƙara dushe shi. Ku sayar da shi a kan uwar kuɗi, ko ƙasa kaɗan in ta kama, ku faɗi aibinsa a fili, domin abin da kuke nema a nan tsabar kuɗin da za ku tafi da su sari ne, ba riba ba.

Bari mu ƙaddara wani matashi mai rumfa a Langabu, wanda bayan ya kakkaɓe kwantansa ya tara jarin sefa 600,000, mu bi shi mataki mataki, da sharaɗin cewa alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A makon farko na Sha'aban ya kamata ya sauka Lome, babbar kasuwar Adawlato da ake kira Asigame, inda matan nan da suka shahara da laƙabin Nana Benz suka riƙe fataucin atamfar Holan tun shekarun 1960 da 1970, inda kuma a yau atamfar Sin mai araha ta cika shaguna kafaɗa da kafaɗa da ta Vlisco da ta Uniwax ta Abijan. A can atamfa takan zo a yadi sha biyu, a raba ta biyu a sami turmi na yadi shida, wato zane uku. Nasihata gare shi ita ce kada ya kashe jarinsa duka a wannan tafiya. Ya sayi kaya na 400,000, ya riƙe 200,000 a hannu. Dalili kuwa, babu mahalukin da ya san zanen da mata za su yi wa rububi a bana sai an fara ciniki. Sau da yawa launin da mai kaya ya ɗauka don cike gurbi shi ne ke ƙarewa a mako guda, wanda ya ƙwallafa rai a kansa kuma ya zauna. Kuɗin da ya riƙe su ne za su ba shi ikon aika wa dillalinsa na Lome ta Flooz ko irinta a kwanakin farko na azumi, a ɗoro masa ƙarin abin da ya ga yana tafiya a motar Arewa, ya iso masa tun telan bai rufe ba. Wanda ya zuba jarinsa duka a Sha'aban, idan masu saye suka nuna masa abin da suke so, ba shi da abin yi sai kallo.

Yanzu mu zo kan rangwame, wanda a nan ne na ga matasa da yawa suna cutar da kansu da hannunsu, suna zaton alheri suke yi wa kasuwancinsu. A ce matashin namu ya sayi turmi 40 na atamfa matsakaiciya, kowane ɗaya ya tsaya masa a kan 7,500 bayan an haɗa kuɗin mota da na dako da abincin hanya, yana kuma sayarwa 9,000. Ribarsa 1,500 ce a turmi, in ya sayar da duka ya sami 60,000. Idan ya ji maƙwabcinsa yana shelar ragin kashi goma cikin ɗari, shi ma ya bi sahu, to ya rage 900 daga kowane turmi, kuma wannan 900 ba daga uwar kuɗi take fita ba, daga riba take fita, sai ribar ta koma 600. Kafin ya sake ganin waccan 60,000 sai ya sayar da turmi 100, alhali 40 gare shi, garin kuma ba shi da matan da za su ɗauke ɗari daga rumfa ɗaya. Ragin da mai saye ya ji shi ƙarami, har ma ya nemi a ƙara, ya cinye wa mai kaya fiye da rabin ribarsa. Kafin ku furta kowane ragi da bakinku, ku ɗauki alƙalami ku cire shi daga riba, ku ga turmi nawa za ku sayar kafin ku koma inda kuke.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne tayin da ke sa mai saye ya yi wani abu da ke taimakon mai kaya, ko ya zo da wuri, ko ya sayi da yawa, ko ya ba da kuɗi tun kafin a saro. Na farko shi ne gyara, wadda al'adarmu ce tun kaka da kakanni: duk wadda ta sayi turmi daga tsakiyar Sha'aban zuwa goma ga azumi, a ɗora mata ɗan kallabi, ko yadin shafi, ko zaren da ya dace da launin atamfar. Abin da matashin ya saro a kan 300 mai saye za ta same shi a kasuwa wajen 500, ta tafi tana jin an karrama ta, shi kuwa ribarsa ta tsaya a 1,200, farashin turminsa kuma bai karye ba, wanda ke da muhimmanci ainun, domin farashin da aka saukar sau ɗaya da wuya ya sake hawa a idon wanda ya gani. Na biyu na magidanta ne masu yi wa iyali kayan Sallah: wanda ya ɗauki turmi uku a rage masa 1,000 a kan jimla, riba ta zama 3,500 maimakon 4,500, amma an sayar da uku a zama ɗaya, an kuma hana shi raba cinikinsa tsakanin rumfuna. Na uku shi ne anko, na ƙungiyoyin mata da 'yan makarantar Islamiyya da dangi masu son fita iri ɗaya. Idan mutum goma suka zaɓi zane ɗaya suka ba da rabin kuɗi tun a Sha'aban, matashin zai iya ba su a kan 8,300, ribarsa 800 a turmi, 8,000 a jimla. Ribar ta yi ƙasa, gaskiya ne, amma da kuɗinsu ya saro rabin kayan, kuma babu turmi ɗaya da zai yi masa kwantai. A ganina waɗannan uku sun wadatar, kada a ƙara na huɗu, domin tayin da ya yi yawa rikita mai saye yake yi, ya kuma rikita yaron shago da aka bari da rumfa lokacin sallar Azahar.

Akwai kuma ajiya, wato mai saye ta zaɓi turmi ta ba da wani abu, a cire mata shi gefe, ta riƙa kawo saura kaɗan kaɗan har ta cika. Wannan hanya ce mai albarka ga garuruwa irin Langabu inda kuɗi ke shigowa hannun mutane gutsure gutsure, daga kasuwa zuwa kasuwa, sai dai tana da hukunci da ya kamata ku kiyaye. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi a wannan yanki, ba a yarda da cinikin da ake sharɗanta cewa idan mai saye ya fasa to kafin alƙalaminsa ya zama na mai kaya ba. Don haka ku yanka wa'adi bayyananne, a ce sha biyu ga azumi, ku rubuta sunan mai ajiya da abin da ta ba da a littafi a gabanta, ku shaida mata cewa idan wa'adi ya wuce ba ta cika ba za a mayar mata da kuɗinta cif, a mayar da turmin kan kanta. An zaɓi sha biyu ne don a bar 'yan kwanakin da wata za ta iya saye ta kai wa tela. Haka nan idan za ku ba da bashi, ku tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki, kada ku ce in an makara za a ƙara, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin abin da Shari'a ta haramta. Ni dai ra'ayina game da bashin Sallah shi ne a taƙaita shi ƙwarai, a keɓe shi ga waɗanda aka jarraba aka ga cikawarsu, saboda kayan da aka riga aka sa aka yi yawon Sallah da su, biyan kuɗinsu nauyi yake yi wa zuciya. Ƙuri'ar nan kuma da wasu ke yi, ta cewa kowa ya sayi tikiti wani ya ci turmi, ku nisance ta, caca ce.

Lokaci kuma ba na watan Musulunci kaɗai ba ne, sai an haɗa shi da lokacin da kuɗi ke shiga aljihun mutane. Kun sani Sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka abin da ya yi daidai bara ba lalle ne ya yi daidai bana ba. A shekarar 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, albashin ƙarshen Maris ya faɗo wajen ashirin ga azumi, daidai bakin rufewar teloli. A 2025 kuwa azumi ya kama a farkon Maris ya ƙare a ƙarshensa, sai ya zama albashin da ya amfani mai yadi shi ne na ƙarshen Fabrairu, wanda ya zo ana shirin ɗaukar azumi, na ƙarshen Maris kuwa ya zo ana jajibiri, lokacin da babu telan da zai dubi sabon yadi. Wanda yake Sokode, inda malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suke da yawa, ya wajaba ya ɗauki kalanda biyu ya jera su, ya ga wane albashi ne nasa, ya sa ƙarfin sanarwarsa a kwana uku kafinsa da mako guda bayansa. Wanda yake Langabu ko ƙauyukan Blita, manoma ne masu sayensa, sai ya dubi lokacin da aka sayar da waken soya da masara da doya, da lokacin da ake biyan kuɗin auduga. A waɗannan shekaru da azumi ke faɗowa cikin rani kuɗin amfanin gona suna nan a hannu da saura, amma idan zamani ya juyo da shi cikin damina, lokacin sayen taki da biyan 'yan ƙodago, to dole a rage sari a ƙara ajiya. Na Dapango kuwa yana da kasuwar Sinkase a kusa, a bakin iyakar Burkina Faso, inda mai saye zai iya zuwa ya gwada farashi ya dawo a yini ɗaya, don haka kokawar araha da manyan 'yan kasuwar iyaka ba tasa ba ce. Abin da zai riƙe masu sayensa da shi shi ne zaɓen zane mai kyau, da cikar awo, da gyara.

Game da sanarwa, mafi yawan masu sayenku sun fi sauraro a kan karatu, saboda haka saƙon murya ta WhatsApp ya fi rubutu isa, kuma ya kamata a yi shi da harshen mai sauraro, Hausa ga mutanen zango, Kotokoli ga jama'ar Sokode, Moba a Dapango, da ɗan rubutun Faransanci a ƙarƙashin hoto don ma'aikata. Saƙo nagari abu huɗu yake ɗauke da su, wato menene kayan, nawa ne, har yaushe tayin zai kai, a ina rumfar take. Ga kwatancin yadda zai kasance: "Salamu alaikum Hajiya, barka da war haka. Sabuwar atamfa ta iso rumfarmu ta Langabu a bakin babban titi, turmi yadi shida cikakke, jaka tara. Wadda ta saya kafin goma ga azumi akwai kallabi kyauta. Teloli sun ce sha biyar za su rufe, a daure a zo da wuri." Ku lura da jumlar ƙarshe, ita ce mai aiki, domin gaskiya ce da mai saye ta riga ta ɗanɗana ɗacinta a shekarun baya, kuma tunatarwa ce da za ta gode muku a kanta. Sau uku ya isa a aika wa mutum ɗaya, ranar da kaya suka iso, da daren ɗaukar azumi, da kwana uku kafin cikar wa'adi. Abin da ya wuce haka takurawa ne. Ku aika da hantsi ko bayan an sauko daga Tarawihi, kada ku aika da La'asar sakaliya lokacin da mata ke tsakiyar aikin buɗa baki. Hoton kaya kuwa a ɗauke shi a inuwa da hasken rana, a warware zanen a ga girman furensa, kada a ƙara masa launi da waya, domin matar da ta hau babur daga ƙauye don shuɗin da ta gani ta tarar da wani shuɗin daban ba za ta sake amsa sallamarku ba.

A nan ne kuma amana take shiga, kuma malamanmu da suka karantar da mu babin ciniki a Risala sun tsawatar a kan algus da ɓoye aibi da yawan rantsuwa don kaya su shiga. Atamfar Sin da aka kwaikwayi zanen Holan da ita halal ce a sayar, mutane da yawa ita suke iya saye kuma suna sonta, amma a kira ta da sunanta. Shaddar da ba Gezna ba ce, wato ba ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ba, kada a ce Gezna ce don an ga mai saye bai iya bambancewa ba; telansa ya iya, kuma zai faɗa masa. Kada ku ce saura biyu alhali akwai goma a ƙarƙashin benci, kada ku ɗaga farashi a Rajab don ku sauke shi a Sha'aban ku kira shi rangwame. Kowane sabon kaya ya iso, ku auna turmi ɗaya da ma'auni a ga ko yadi shida ne da gaske, ku yanki ɗan ƙyalle ku jiƙa shi a ruwan sabulu ku murza a kan farin tsumma. In ya zuba, ku faɗa wa mai saye ta wanke shi shi kaɗai, ku kuma sa masa farashin da ya dace da shi.

Da teloli sun rufe, sai ku canja fuskar rumfa a yini ɗaya. Turame su koma baya, a fito da abin da ba ya bukatar ɗinki ko wanda kalmasa baki kawai yake so: mayafai, hijabai, kallabai, huluna, ɗinkakkun kayan yara, da zane ɗaiɗai na yadi biyu don ɗaurawa. Kuɗin da suka shigo a rabin farko na azumi, wani kashi nasu nan ya kamata ya tafi, kuma a nan ba a yin ragi ko kaɗan, domin mai saye a goman ƙarshe bukata ce ta kawo shi. Atamfar da ta rage kuma kada ku firgita ku karyar da ita ranar jajibiri. Maƙwabtanku Kirista suna da bukukuwansu, ga bukukuwan aure da ake yawan ɗagawa zuwa bayan azumi, ga Babbar Sallah tafe bayan kimanin kwana saba'in. Sai dai ita Babbar Sallah lissafinta dabam ne, domin kuɗin magidanci rago ne ke fara cin su, gidaje da yawa kuma kayan Ƙaramar Sallah suke maimaitawa. Matashinmu na Langabu, in ya sayar da turmi 40 a azumi, ya saro kamar rabin haka don Layya, ya karkata ga kayan yara da yadin maza mai sauƙin kuɗi, ya buɗe littafin ajiya tun farkon Zulƙida, ya kuma sake komawa wurin telolin nan ya ji ranar da za su rufe a wannan karon.